Rezon shagona yana rarrafe bayan magariba: a wane mataki jinkirin yake farawa?

Alhaji Buba, Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da shagon intanet a nan Garwa, kwamfuta tara, ga kuma waifai na masu zuwa da wayoyinsu. Rezon yana shigo mana ta eriya a kan rufi, tana kallon hasumiyar kamfanin da muke biya duk wata. Da rana ba ni da ƙorafi. Amma da an yi magariba sai komai ya koma rarrafe, masu cike takardun makaranta su zauna suna kallon shafi yana ta juyi har su haƙura su tafi. Yaron shagona Ɗanjuma ya yi amfani da tracert ya gwada hanyar da ke tsakaninmu da shafin da aka fi shiga, wanda sabarsa take Faransa. Ga abin da ya fito, mun ɓoye adireshin waje:

```
1    <1 ms     1 ms    <1 ms  192.168.1.1
2     6 ms     8 ms     5 ms  10.20.4.1
3     9 ms     7 ms     9 ms  10.20.0.9
4     *        *        *     Délai d'attente de la demande dépassé.
5    24 ms   412 ms    25 ms  41.x.x.x
6    27 ms    26 ms    28 ms  41.x.x.x
7   124 ms   125 ms   123 ms  x.x.x.x
8   136 ms   135 ms   137 ms  x.x.x.x
```

Ɗanjuma ya ce layi na 4 ya mutu, na 5 kuma shi ne mai ciwon. Gobe zan je ofishinsu da wannan takarda. Masu ilimin abin, ku duba mini kafin in tafi.

Sani, Kusiri: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ba na 5 nake gani ba. Dubi tsakanin 6 da 7, daga 27 an yi tsalle zuwa 124. Kusan ɗari a mataki ɗaya! Nan ne kebul ɗin teku. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da kebul-kebul suka tsinke a tekun Kwaddibuwa, har da WACS mai sauka a Limbe da SAT-3 mai sauka a Duwala? Ƙasashe da yawa suka shiga duhu. Ina jin irin wannan ce, sai dai ƙarama. Kamfaninka ba abin da zai iya yi.

Malam Iro, Marwa: Alhaji mega nawa kake saya? Ni a nawa shagon da na ƙara mega sai aka samu sauƙi. Ka ƙara kuɗi su ba ka babban layi kawai, ka huta da lissafin nan.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Barkanku da war haka. Alhaji, kafin in ce komai: da ƙarfe nawa aka yi wannan gwajin?

Alhaji Buba, Garwa: Da hantsi ne Injiniya, wajen ƙarfe tara, lokacin da shago bai cika ba.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: To ka dakata da zuwa ofishin nan, ranka ya daɗe. Takardar da ke hannunka hoton layi ne mai cikakkiyar lafiya, kuma in ka kai musu ita za su nuna maka layin ƙarshe su ce ba matsala, gaskiya kuma suka faɗa. Daga Garwa zuwa Faransa a dawo cikin milisakan 136, wannan abin a gode wa Allah ne.

Bari in faɗi yadda lambobin nan suke samuwa, don in ba a san wannan ba za a yi ta zargin wanda ba shi da laifi. Kowane fakitin da kwamfuta ta tura yana ɗauke da wata lamba da ake kira TTL. Duk rautar da ya ratsa sai ta rage ɗaya. Wadda lambar ta ƙare a hannunta sai ta jefar da fakitin, ta aiko da saƙo cewa a wurina ya ƙare. Shi tracert dabara ya yi da wannan: ya tura fakiti da lamba 1, rautar farko ta amsa, ya tura da 2, ta biyu ta amsa, haka har a isa. Kowane mataki sau uku yake gwadawa, shi ya sa kake ganin lambobi uku.

Abin lura shi ne, lambar da ke kan layi na 5 ba lokacin da aka ɗauka daga 4 zuwa 5 ba ce. Lokacin ne tun daga kwamfutarka har rauta ta 5, haɗe da lokacin da ita ta ɗauka kafin ta rubuta amsa, haɗe da dawowar amsar. Saboda haka duk fakitin da ya je 6 da 7 da 8 sai da ya ratsa ta 4 da ta 5. Da 5 tana riƙe kaya milisakan ɗari huɗu, ta yaya 6 za ta amsa cikin 27? Da 4 ta mutu, wa ya wuce da fakitin gaba?

Ɗanjuma, Garwa: Anti Injiniya ni ne na yi gwajin. To me ya sa ta nuna 412 ɗin, in lafiyarta ƙalau? Kuma taurarin nan uku?

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Tambaya mai kyau, Ɗanjuma. Manyan rautoci aiki biyu suke yi, kuma ba daraja ɗaya suke ba su ba. Wucewa da fakitin mutane shi ne babban aikin, akwai sashe na musamman da ke yin sa cikin ƙiftawar ido. Rubuta maka amsa cewa fakitinka ya ƙare a wurinta kuwa, wannan sai ƙwaƙwalwar rautar ta samu sarari. Kamar ɗan sandan da ke ba motoci hannu ne a mararraba: ka yi masa sallama ya jinkirta amsawa, ko ma bai amsa ba, amma motoci suna ta wucewa. Ta 5 ta jinkirta amsa sau ɗaya cikin uku. Ta 4 kuwa an saita ta kada ta amsa sam, ko an taƙaita yawan amsoshin da za ta bayar. Kamfanoni da yawa haka suke yi da gangan.

Don haka idan ka ga lamba ta kumbura a tsakiya, ka sauke ido ƙasa. Idan layukan da ke bayanta sun koma ƙanana, ka manta da ita. Jinkirin gaske yana farawa a mataki ɗaya ne ya bi duk na bayansa har layin ƙarshe, ba ya sauka.

Sani, Kusiri: To ai nawa ya cika sharaɗin, Injiniya. Ya fara a 7, ya bi har 8, bai sauka ba.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Ya cika, Malam Sani, kuma ka yi daidai cewa nan ne teku. Inda na saɓa da kai shi ne kiran sa ciwo. Haske a cikin faiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Tunda zuwa da dawowa ake aunawa, kowane kilomita 100 na kebul yana ƙara milisakan ɗaya. Daga 27 zuwa 124 bambancin 97 ne, wato abin da bai wuce kebul mai tsawon kilomita 9,700 ba. Kebul ɗin da ya tashi daga gaɓar Kamaru sai ya zagaye duk Afirka ta Yamma kafin ya hau Turai, to lissafin ya zauna. Haka daga 3 zuwa 5 an ƙara kamar 16, wannan saukowa ce daga arewa zuwa kudu, tafiyar da ta haura kilomita dubu. Ba kuɗin da zai rage waɗannan.

Sannan ka dubi lambobin uku na layi na 7: 124, 125, 123. Kusan ɗaya suke. Jinkirin nisa haka yake, ba ya motsi, safe da dare. Jinkirin cunkoso kuwa tsalle-tsalle yake, wannan fakiti ya jira kaɗan, na bayansa ya jira da yawa. Da kebul ne ya tsinke aka karkatar da hanya, da mun ga matakai sun ƙaru ko lambar teku ta ninka, kuma ba zai jira magariba ba.

Abakar, Abeshe: Abin da Injiniya ta faɗa na gani da idona. A ofishin da nake aiki muna da layin tauraron ɗan'adam na ajiya, irin mai babban faranti. Duk lokacin da muka koma kansa, mataki na farko bayan rautarmu yana nuna kusan 600, kuma haka yake tsaye kullum. Shugabanmu ya sha cewa a kira masu gyara. Sai da na zana masa a takarda: tauraron yana can sama a nisan kilomita 35,786, saƙo ya hau ya sauko, amsa ta hau ta sauko, sau huɗu ke nan, kilomita dubu 143. Haske yana cin dubu 300 a daƙiƙa, ka ga milisakan 480 sun tafi tun kafin na'ura ta yi komai. Amma ina da tawa tambayar: a layinmu na faiba, gwajin yana tafiya daidai sai a ƙarshe ya koma taurari har mataki na 30, alhali shafin yana buɗewa.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Malam Abakar, naka sabar ce take bayan katangar tsaro da ba ta barin irin fakitin gwajin ya shiga. Idan a Linux kake, traceroute yana tura UDP ne zuwa ƙofofi daga 33434 zuwa sama, su kuwa ana yawan toshe su. Ka sa shi ya ƙwanƙwasa ƙofar da shafin yake amfani da ita:

```
sudo traceroute -T -p 443 adireshin-sabar
```

Mu koma kan Alhaji. Ɗanjuma, yau da dare, lokacin da mutane suka fara ƙorafi, ka sake gwajin zuwa shafin nan dai. Ka yi shi a kwamfutar da ke haɗe da kebul, ba ta waifai ba. Ka sa `-d` don kada ya tsaya neman sunayen rautoci.

Ɗanjuma, Garwa: Ga shi Anti, ƙarfe takwas da rabi na dare, shago cike:

```
1     1 ms     1 ms     2 ms  192.168.1.1
2   310 ms   455 ms   280 ms  10.20.4.1
3   402 ms   388 ms   530 ms  10.20.0.9
4     *        *        *     Délai d'attente de la demande dépassé.
5   415 ms   560 ms   397 ms  41.x.x.x
6   420 ms   391 ms   575 ms  41.x.x.x
7   522 ms   640 ms   498 ms  x.x.x.x
8   530 ms     *      655 ms  x.x.x.x
```

Sani, Kusiri: Kai! Wannan kam tun daga bakin ƙofa ne. Teku tana nan da ɗarinta, 6 zuwa 7 bai canza ba. Alhaji yanzu kam ka samu hujja, mataki na 2 hasumiyarsu ce, da safe 6 yanzu 300 zuwa 450. Sun tara mutane da yawa a kan eriya ɗaya.

Alhaji Buba, Garwa: Dama zuciyata ta ba ni. Unguwarmu kaɗai na ga eriyarsu a kan gidaje da dama cikin 'yan watannin nan.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Wurin kun gano shi, tsakanin 1 da 2 ne. Layi na 1 yana nan a milisakan ɗaya, wato kebul ɗin cikin shago da suwic ɗinka lafiya. Daga 2 lamba ta haura, ta bi kowa har ƙarshe, tana kuma tsalle-tsalle, alamar jerin gwano. Amma mai laifin ba mu san shi ba tukuna, Alhaji, don tsakanin 1 da 2 akwai abubuwa da yawa: ƙofar fita ta rautarka, eriyarka, iskar da ke tsakani, sannan eriyarsu. Adireshin da ke kan layi na 2 na wanda ya amsa ne kawai, ba lallai a wurinsa fakitin ya jira ba. Sau da yawa a cikin na'urarka yake jira kafin ma ya fita.

Mega nawa suka ba ka na turawa? Ba na saukewa ba, na turawa.

Alhaji Buba, Garwa: A takardar yarjejeniya an rubuta 10 saukewa, 2 turawa.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: To ga lissafi. Idan abin da mutanen shago suke turawa ya fi mega 2, ragowar ba a zubar da shi nan take, ana tara shi a ma'ajiyar rauta ko ta eriya ya jira layi. A ce ma'ajiyar tana ɗaukar kilobait 100. Kilobit 800 ke nan, a layin da ke fitar da kilobit 2,000 a daƙiƙa. Kafin ta zazzage sai milisakan 400. Duk fakitin da ya zo, ko na danna maɓalli ɗaya ne, sai ya tsaya a bayan wannan tulin. Ka ga lambar ta yi kama da abin da Ɗanjuma ya samu. Kuma ba a buƙatar mutum goma. Waya ɗaya da ta hau waifai ta fara kwashe hotuna da bidiyonta zuwa ajiyar intanet ta isa ta cika mega 2, mai ita ma bai sani ba. Ga kuma masu tura takardun da aka yi wa sikan.

Ban ce hakan ne ba, Malam Sani ma yana iya yin daidai. Raba su ba wuya. Gobe a daidai wannan lokaci a kashe waifai, a zare kebul ɗin duk kwamfutoci a bar ɗaya, na minti biyar kawai. Kuma gwaji uku-uku ya yi kaɗan ga lambobin da ke rawa haka, a yi ɗari-ɗari, kowanne a tagarsa a lokaci guda:

```
ping -n 100 10.20.4.1
ping -n 100 10.20.0.9
ping -n 100 adireshin-shafin
```

A kawo mana mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi girma na kowanne.

Malam Iro, Marwa: Ashe dai maganata ce, mega ne ya yi kaɗan.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Wataƙila, Malam, amma wane megan? In ya sayi 20 na saukewa aka bar masa 2 na turawa, ya ƙara kuɗi ne jerin gwanon yana nan. In kuma hasumiyar ce ta cika, ko 50 suka rubuta masa a takarda ba zai gan su da dare ba. Ya bari a auna tukuna.

Ɗanjuma, Garwa: Mun yi, Alhaji ya ba kwastomomi haƙuri muka zare komai. Na 2: ƙarami 5, matsakaici 8, babba 21. Na 3: ƙarami 9, matsakaici 104, babba 240. Shafin: ƙarami 137, matsakaici 233, babba 380, fakiti biyu sun ɓace. Da muka mayar da waifai, ba a yi minti ɗaya ba na 2 ya koma sama da 300.

Abakar, Abeshe: Ciwo biyu ne ashe, ɗaya ya ɓoye ɗaya.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Haka ne. Babban na cikin gida ne. Da aka zare kaya mataki na 2 ya sauko 8 a tsakiyar lokacin cunkoso, wato eriyarka da ta hasumiya ba su da laifi, layin turawarka ne yake cika. Wannan a hannunka yake, Alhaji. A saita rautar ta taƙaita turawa ƙasa kaɗan da abin da aka ba ka, kamar mega 1.7, don jerin ya taru a inda kake da iko da shi maimakon cikin eriya, sannan ta raba shi daidai tsakanin masu amfani. A wasu rautoci sunan abin SQM, a wasu yana ƙarƙashin Queues ko QoS. Wayoyin waifai kuma a yanka musu rabo ƙarami na turawa. In rautar irin ƙaramar nan ce ta gida da ba ta da wannan, canza ta ya fi ƙarin mega araha.

Na biyun ya fi ban sha'awa. Da safe mataki na 3 yana 9, yanzu matsakaicinsa 104, ƙarin 95. Kafin mu yarda da shi sai mu tambaya ko rautar ce kawai take jinkirin amsa, kamar ta 5 ɗin nan. Mu duba ƙarshe: shafin da safe 136, yanzu 233, ƙarin 97. Ƙarin ya bi har ƙarshe, kusan daidai wa daida, to na gaske ne. Kuma mafi ƙanƙantar lamba ba ta motsa ba, 9 da 137, wato hanyar ba ta canza ba, fakitin da ya taki sa'a yana wucewa kamar da safe, saura suna jira. Wannan cunkoso ne tsakanin hasumiyar da cibiyarsu.

Sani, Kusiri: To ai na faɗa, sun tara mutane. Bambancin kawai ba a eriyar ba ne, a bayanta ne. Alhaji ya je ya ce su ƙara faɗin layin da ke ciyar da hasumiyar.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Shi na fi zato ni ma, amma ba zan rantse ba. Gwajin nan hanyar zuwa kaɗai yake nunawa, lambar kuwa ta haɗa zuwa da dawowa. Amsar rauta ta 3 tana iya biyowa ta wata hanyar da ba ma gani, cunkoson yana can. Da dare mutane saukewa suka fi yi, kallon bidiyo, don haka in layin hasumiyar ne ya cika, ta ɓangaren dawowa zai cika. A cikin rezon kamfani ɗaya a gari ɗaya yawanci hanyar ɗaya ce, amma su kaɗai ke da taswirar. Abin da Alhaji zai iya tsayawa a kai shi ne: jinkirin yana bayyana daga 10.20.0.9, da dare kawai, layinsa kuma babu kowa a kai.

Alhaji Buba, Garwa: Allah ya saka da alheri Injiniya. To me zan riƙa in tafi da shi? Mutanen nan in ka je sai su ce ka kashe na'ura ka kunna.

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Amin Alhaji. Ka fara gyara naka, don in ma'aikacinsu ya zo ya tarar da layinka cike zai tsaya a nan, ba zai duba gaba ba. Bayan haka Ɗanjuma ya maimaita gwajin nan uku safe da dare na wasu kwanaki, kowanne da kwanan wata da lokaci a kansa, da adireshin cikakke ba a ɓoye ba. Ka nemi a haɗa ka da masu kula da rezon, ba na teburin karɓar kuɗi ba. Su suna da zanen da ke nuna yawan kayan da ke bi ta kowane layi, in ka ba su adireshi da sa'a za su gani nan take ko yana cika.

Sani, Kusiri: In akwai maƙwabcin da ke kan hasumiyar nan shi ma ya gwada a lokaci guda. Idan nasa ma daga 3 yake kumbura, ba za su ce na'urar Alhaji ba ce.

Malam Iro, Marwa: Ni dai ina ganin ko an gyara rautar, kwamfuta tara da waifai a kan mega 2 ba za su ishe shi ba lokacin rajistar jarrabawa.

Ɗanjuma, Garwa: Akwai mai kemis a bayanmu, eriyarsa hasumiya ɗaya take kallo da tamu, na yi masa magana ya ce in zo bayan isha'i da kwamfutata. Anti, na shiga saitin rautar tamu, ban ga SQM ba, amma akwai wani wuri da aka rubuta Bandwidth Control, yana neman lamba a kbps. In sa 1700 a wajen turawa?

Injiniya Zainabu, Ngaundere: Sa 1700, ka bar ping na 10.20.4.1 yana tafiya, sannan ka tura babban fayil daga waya ɗaya ka ga ko lambar ta tsaya ƙasa da 30. In ta haura ka sauke zuwa 1500 ka sake, don ba lallai mega 2 ɗin nan suna cika da dare ba. Irin wannan saitin yakan rage tulin ne kawai, ba ya raba layi daidai tsakanin mutane, saboda haka ka duba ko yana barin ka sa wa adireshin wayoyi iyaka tasu daban. Ka turo mana abin da ka samu a wurin mai kemis ɗin.